Minti Biyu Kafin Baƙo Ya Hau Mumbari

A tarukan matasa 'yan kasuwa da ake yi a Kano, Kaduna ko Maraɗi, akwai wani ɗan gajeren jawabi da ba a cika shirya masa ba, wato na wanda zai gabatar da baƙo mai jawabi. Sau da yawa sai an zauna ake miƙa wa mai gabatarwa takardar tarihin baƙon, shi kuma ya tashi ya karanto makarantun da ya yi da lambobin yabon da ya samu, ya haɗa da kirari: gwarzo, haziƙi, abin koyi. Kafin ya gama, rabin zauren sun koma kan wayoyinsu. Dalili kuwa a fili yake. Yarinyar da ke sayar da turaren wuta da saurayin da ke gyaran waya sun zo ne su ji abin da mutumin nan ya gina da yadda ya gina shi, kuma jerin digiri ba ya amsa wannan tambaya.

Bari mu ɗauki mutum guda mu gwada. Nnaemeka Ikegwuonu ɗan Jihar Imo ne. Ya fara da gidan rediyon manoma da ke watsa shirye-shirye da harshen Ibo, aikin da ya sa ya samu lambar yabo ta Rolex a 2010. A 2015, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya kafa kamfanin ColdHubs, mai girka ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni da gonaki. A ce masu shirya wani taro a Kano sun gayyato shi, aka ce kai ne za ka gabatar da shi. Daga ina za ka fara?

Ka fara da matsalar da masu sauraro suka sani da idonsu. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar 'Yankaba da yamma ya ga tumatirin da ya kwana biyu a kwando ya fara ruwa, mai shi yana karya farashi don kada ya koma gida da asara. Da ka ambaci wannan, zauren ya riga ya san amfanin baƙon tun ba a faɗi sunansa ba. Daga nan sai ka bayyana abin da ya gina yadda mutum zai iya hango shi: ɗaki ne da ake shiga a tsaye, faifan sola a rufinsa, batura na ajiye wuta don dare, sanyinsa wajen digiri 5, yana ɗaukar kimanin tan 3 na kaya a cikin akwatunan roba 150.

Sai kuma wurin da masu gabatarwa suka fi tsallakewa, alhali shi ne abin da 'yan kasuwa suka fi son ji: ta ina kuɗi ke shigowa? ColdHubs ba ya sayar wa mai tumatir ɗakin, domin ba zai iya saya ba. Haya yake bayarwa. A shekarun farko naira 100 ake biya kan kowane akwati a kwana ɗaya. Kowa a zauren zai iya lissafin da kansa: idan ɗaki ya cika, akwati 150 sau naira 100, naira 15,000 ke nan a rana, daga ciki za a biya mai kula da ɗakin a kuma yi gyare-gyare. A ganina wannan jimla ɗaya ta fi kirari goma daraja, domin ita ce ke nuna cewa dabarar mutumin ba ta tsaya a kan na'ura ba, ta kai ga yadda ya yanka farashi daidai aljihun ƙaramin ɗan kasuwa.

Ga yadda jawabin zai iya kasancewa, bayan sallama da gajeriyar gaisuwa ga manyan baƙi:

"'Yan'uwana matasa, kowa a nan ya san halin da mai tumatir yake shiga idan kayansa suka kwana biyu ba ciniki. Baƙonmu na yau ya ga wannan asara tun yana yawo a ƙauyuka yana shirya wa manoma shirin rediyo. A 2015 ya fara gina ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a cikin kasuwa, inda mai kayan gwari zai ajiye akwati ɗaya ya biya kuɗin kwana ɗaya, ba sai ya sayi firji ko janareta ba. Kamfanin ya ce kayan da kan lalace cikin kwana 2 suna iya kai kwana 21 a ɗakin. Mata ne yake ɗauka su kula da ɗakunan. Mu da muke zaune a ƙasar tumatir da tattasai muna da tambayoyi da yawa gare shi. Ku taya ni maraba da Malam Nnaemeka Ikegwuonu."

Bai kai minti biyu ba. A lura an ce "kamfanin ya ce" kafin a kawo kwana 21. Adadi ne da kamfanin yake bayarwa, kuma ba kowane irin kaya ne zai kai haka ba. Tumatirin da ya riga ya fashe a hanya sanyi ba zai gyara shi ba. Mai gabatarwa da ya mayar da iƙirarin kamfani tamkar abin da ya gani da idonsa, ko ya ƙara gishiri ya ce baƙon ya kawo ƙarshen asarar manoma a Najeriya, ya jefa baƙon cikin kunya. Alamar hakan ba ta ɓuya: baƙo zai karɓi makirufo ya fara da "to, a gaskiya ba mu kai haka ba". Mintinsa na farko ya tafi wajen gyara maganarka. Maganin wannan shi ne ka kira shi ko wani na kusa da shi kwana ɗaya kafin taro, ka karanta masa kowane adadi da kowace shekara, musamman farashi, tunda farashin 2015 ba shi ne na yau ba.

A wannan kiran ne kuma za ka tambaye shi abin da zai yi magana a kai. Idan ya shirya ba da labarin yadda ya samo jarin farko, ko ɗakin farko da ya ba shi wahala, kada ka taɓa wurin. Nasa ne. Aikinka irin na ɗan rakiyar amarya ne, ka kai ta bakin ƙofa ka juya.

Lambar Rolex fa? Ba ta shiga jawabin ba, kuma da gangan ne. Ta gidan rediyo ce, ba ta ɗakin sanyi ba, kuma babu abin da mai gyaran waya zai koya daga gare ta. Idan masu taro sun nace a ambace ta, jimla ɗaya ta isa, bayan an gama bayanin aikin.

Saura suna. Ana ajiye shi a ƙarshe don ya zama alamar tafi, baƙo ya san lokacin tashi ya yi. Sunan Ibo irin wannan yana da wuya a bakin Bahaushe, don haka ka roƙe shi ya furta maka a waya, ka rubuta shi gaɓa-gaɓa yadda kunnenka ya ji, ka maimaita har ya zauna. Idan ka faɗe shi, ka tsaya a wurin har ya iso, ku gaisa, ka miƙa masa makirufo, sannan ka sauka.