Yadda babban bankin Najeriya ya tallabe naira a 2024

'Yan canjin Maraɗi da Ƙonni sun ga faɗuwar naira da idonsu. A watan Yunin 2023, babban bankin Najeriya, CBN, ya daina riƙe farashin dala a wajen naira 460, ya bar kasuwa ta yanke. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024, dala ɗaya ta haura naira 1500. Domin tsayar da wannan gangara, bankin ya yi aiki da makamai biyu.

Na farko shi ne ajiyar kuɗaɗen waje. Kuɗin ƙasa yana faɗuwa ne idan masu neman dala sun fi dalar da ke kasuwa yawa. Sai babban banki ya ɗebo dala daga ajiyarsa ya sayar, ya karɓi naira. Dala ta ƙaru a kasuwa, naira ta ragu, farashi ya sauka. A Fabrairun 2024, CBN ya sayar wa 'yan canji masu lasisi dala 20.000 kowannensu a kan naira 1301. A watan Afrilu ya sake sayarwa a kan naira 1101, kuma farashin kasuwa ya biyo baya. Sai dai ajiya kamar rumbun hatsi take: CBN yana buga naira, amma ba ya buga dala. A makonnin nan ajiyar ta ragu daga kusan dala miliyar 34 zuwa 32, kuma a watan Mayu dala ta koma wajen naira 1500.

Na biyu shi ne kuɗin ruwa. A ƙarƙashin gwamna Olayemi Cardoso, bankin ya ɗaga shi daga kashi 18,75 cikin 100 zuwa 27,5 a cikin 2024. Manufar ita ce mai kuɗi ya ga riƙe naira ya fi masa riba, masu jari na waje kuma su kawo dala.

Amma akwai iyaka. A ce mai jari ya canza dala 1000 a kan naira 1200, ya samu naira miliyan 1,2. Da ruwan kashi 25, bayan shekara yana da miliyan 1,5. Idan dala ta kai naira 1600 a lokacin, dala 937 kawai zai fita da ita. Shi ya sa ruwa mai yawa ba ya jawo jari idan ana tsoron kuɗin zai ƙara faɗuwa. A cikin gida kuma bashin banki yana tsada ga 'yan kasuwa da masana'antu.

Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655,957, don haka faɗuwar naira a gaban dala kan bayyana a teburin canjin sefa. Kayan Kano su yi araha ga mai sefa, mai kai dabbobi Jibiya kuma ya dawo da nairar da ba ta da auki. Mai son sanin ko farfaɗowar naira za ta ɗore, ya duba ajiyar CBN: idan naira na tashi ajiya na raguwa, da dalar banki ake sayen tashin.