Wutsiya, Fuska da Girma: Tantance Birai a Hoto

A yankin dazuzzuka da duwatsu da ya taso daga Birnin Kudu da Gwaram, inda Farin Dutse take, ya gangara cikin Jihar Bauchi har zuwa gandun dajin Yankari, birai iri uku ne aka fi sani: jan biri, da kirka, da bika, wanda da yawa ke kira gwaggon biri. Wannan suna na ƙarshe yana kawo ruɗani, domin ana kuma laƙaba shi ga manyan birai marasa wutsiya, irin cimfanzi na dajin Gashaka-Gumti a Taraba, alhali bika yana da wutsiya.

Saboda haka wutsiya ce ya kamata a fara dubawa. Ta bika gajera ce in an gwada da jikinsa, tana ɗagawa sama daga gindinta sannan ta karyo ƙasa kamar an taɓa karya ta, kuma wannan lanƙwasa ba ta ɓuya ko da hoton ya yi duhu. Ta kirka siririya ce, ta fi gangar jikinsa tsawo, ta jan biri ma doguwa ce, don haka tsakanin waɗannan biyu sai an koma ga fuska. Fuskar kirka baƙa ce wuluk, da farin gashi da ya ratsa saman gira da wani mai haske a kumatu, shi kuwa jan biri jan gashi ne a kansa, da baƙin layi bisa idanu da farin gashin baki, yayin da bika ke da dogon hanci irin na kare.

Girma shi ne shaida mafi rauni. Namijin bika yakan kai kilo 24, namijin jan biri kimanin 12, matarsa kuwa kusan rabin haka, wanda ya sa nauyinta ya yi kusa da na namijin kirka. Kuma hoto ba ya nuna nauyi, sai in akwai abin gwaji a gefe.

A ɗauka an samu hoton wani biri a bakin gonar dawa da la'asar sakaliya, jikinsa ja-ja. Mai gaggawa zai ce jan biri ne, alhali hasken faɗuwar rana da ƙurar jar ƙasa suna iya rina gashin kirka, mai ruwan toka da ratsin ɗorawa. Idan wutsiyar ba ta da karaya, bika ya fita daga lissafi. Sai a faɗaɗa hoton a kan fuska: in baƙa ce duka da farar gira, kirka ne. In fuskar ta juya baya, a dubi ƙafafu, domin na jan biri dogaye ne farare, sun ɗaga cikinsa sama da ƙasa, su ne kuma suke ba shi gudun da yakan kai kilomita 55 a awa.