Tatsuniya a Minti Takwas: Me Ake Yarwa, Me Ake Riƙewa?

A ranar 27 ga Mayu, 1933, kamfanin Walt Disney na Amurka ya fitar da wani ɗan gajeren katun mai suna Three Little Pigs, wato 'yan aladu uku, wanda Burt Gillett ya ba da umarni. Tsawonsa kimanin minti takwas ne, amma ya ci lambar Oska a 1934, kuma har yau yara da yawa a duniya ta hanyarsa suka san labarin. Tatsuniyar kuwa ta girme shi nesa ba kusa ba. Tsohuwar tatsuniyar Ingila ce, wadda Joseph Jacobs ya sa a littafinsa English Fairy Tales a 1890. Duk wanda ya ajiye littafin kusa da fim ɗin zai ga inda aka sa almakashi, da kuma dalilin sa shi.

Dalili na farko lissafi ne. Kowace daƙiƙa ta fim tana cin hoto 24, don haka minti takwas hoto 11,520 ke nan. Ko da an bi dabarar masu katun ta nuna kowane zane sau biyu, sai an yi zane 12 kafin daƙiƙa ɗaya ta motsa. Mai ba da tatsuniya da baki yana iya cewa "sai ya tafi kasuwa" cikin numfashi guda, bai kashe ko kwabo ba. Mai zane kuwa sai ya zana kasuwar, da rumfunanta, da hanyar zuwa. Kowane sabon wuri da kowane sabon ɗan wasa kuɗi ne da makonnin aiki.

A littafin Jacobs, bayan kyarkeci ya kasa rushe gidan tubali da hurawa, labari bai ƙare ba. Sai ya koma yaudara har sau uku. Ya gayyaci alade na uku zuwa gona da ƙarfe shida na safe, aladen ya riga shi zuwa da ƙarfe biyar. Ya gayyace shi tsinkar tuffa, aladen ya sake yin sammako. Ya gayyace shi kasuwar baje koli, aladen ya shige cikin gangar kaɗa madara ya gangaro daga kan tudu, kyarkeci ya firgita ya ranta a na kare. Masu fim suka ɗebe waɗannan duka. Sun kuma cire uwar aladun da ta sallame su neman arziki, da mutanen da suka ba su kayan gini a hanya. Hukuncin ya yi daidai, domin tafiye-tafiyen nan uku abu guda suke nanatawa, cewa na ukun ya fi kyarkeci wayo, kuma kowace na buƙatar sabon wuri.

Ƙashin bayan labarin dai ba su taɓa shi ba: gida uku, zuwan kyarkeci sau uku, hurawa, da faɗawarsa tukunyar tafasasshen ruwa ta bututun hayaƙi. Maimaicin nan shi ne abin da ƙaramin yaro ke kamawa. Ya ga gida na farko ya tashi sama, ya ga na biyu ya watse, to a na uku zuciyarsa ta riga ta fara bugawa tun kafin kyarkeci ya ja numfashi. Da a ce an rage gidajen zuwa biyu don a sami sauƙin zane, da babu wannan jiran.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne mutuwa. A wurin Jacobs kyarkeci cinye aladu biyu na farko ya yi, na ukun kuma ya dafa kyarkecin ya yi abincin dare da shi. A fim ba wanda ya mutu. Na farko ya gudu gidan na biyu, su biyun suka ruga gidan tubali, kyarkeci kuma ya ƙone ya fice da gudu yana kururuwa. Ba tsoro kaɗai ya jawo wannan ba. Abin da kunne ya ji, yaro yakan auna shi daidai ƙarfin zuciyarsa, ga shi kuma yana jingine da kakarsa. Abin da ido ya gani a allo kuwa ba ya raguwa. Amma sassaucin ya buɗe wani rami: idan ba a cinye kowa ba, me ya rage a labarin da zai sa a damu?

Sai suka cike ramin da hali. A littafi ba a ce aladu biyun farko malalata ba ne, abin da suka samu a hanya da shi suka yi gini. Fim ne ya ba ɗaya sarewa, ya ba ɗaya goge, suka yi ginin gaggawa suka koma rawa suna yi wa ɗan'uwansu dariya, shi kuwa yana sanye da kayan aiki yana ɗora tubali. Mai zane Fred Moore ya sa aladu uku masu kama ɗaya suna motsi iri daban, har yaro ya gane kowanne ba sai an faɗi sunansa ba. Frank Churchill ya tsara waƙar da suke rerawa ta raina kyarkeci, wadda ta bazu a Amurka a shekarun matsin tattalin arziki. Sakamakon shi ne labarin wayo da tsira ya koma labarin aiki da lalaci. Fim ɗin ya yi kyau, amma darasin ya sauya, kuma wajibi ne duk mai irin wannan aiki ya san lokacin da ya sauya shi.

Akwai kuma ƙarin da ya zama abin kunya. Don ba da dariya, sun sa kyarkeci ya yi shigar ɗan talla Bayahude, da siffofin da ake muzanta Yahudawa da su. Babu wannan a tatsuniyar. A 1948 sai da kamfanin ya sake zana wurin.

Wannan ya shafi mai son mayar da tatsuniyar Hausa katun kai tsaye. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, 'yar bora da 'yar mowa tafiya ɗaya suke yi, su gamu da abubuwa iri ɗaya, ɗaya ta amsa da ladabi, ɗaya da rashin kunya. Tafiya biyun dole su zauna, domin kwatancinsu shi ne labarin, kuma abin daɗi, wuraren da aka zana wa ta farko za su yi wa ta biyu aiki, ana iya ratsa su da sauri. Ana iya rage yawan kogunan da yarinyar ke tsayawa ta tambaya, a bar uku, amma a bar mata waƙarta, don ita yara za su tafi da ita gida. Matsalar tana ƙarshe. A yadda ake yawan ba da ita, sakayyar 'yar mowa ita ce ta komo gari da ayarin kutare da makafi. Idan aka zana wannan, an nuna wa yaro cewa naƙasa horo ce da abin dariya, alhali a cikin masu kallo akwai wanda mahaifinsa makaho ne. Ana iya barin ta ta komo hannu rabbana, ƙudaje na bin ta, kunyar ta isa.

Hanyar gwajin ba ta da tsada, kuma tun zamanin wancan fim masu katun ke bin ta. Kafin a motsa ko zane ɗaya, a zana labarin a ƙananan takardu, hoto ɗaya ga kowane muhimmin motsi, a jera su a bango. A tara yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai a bi da su hoto bayan hoto, sannan a ce su maimaita labarin da bakinsu. Wurin da duk suka tsallake, ana iya cire shi. In kuwa suka kasa faɗin dalilin da 'yar bora ta sami arziki, to almakashi ya shiga nama, sai a mayar da abin da aka yanke tun yana kan takarda, kafin a kashe kuɗin zane da ɗaukar murya.