Cinikin waya: yadda ake fitar da abin da kowa ya faɗa

A Kasuwar Dawanau da ke Kano, ana iya ƙulla cinikin mota guda ta wake ba tare da mai saye ya baro Ibadan ba. Waya ce kawai, kuma wasu sukan naɗi maganar saboda gudun musu. Sai dai naɗin minti goma sha biyar mai cike da gaisuwa, rantsuwa da katsewar layi ba ya raba gardama, sai an zauna an tace shi a rubuce.

Mu ɗauki misali. Mai kaya ya sa buhu a naira 95,000, mai saye ya taya 85,000, aka ce masa albarka. Can a minti na shida ya ce, "Alhaji, na saya 90,000, amma lodi a kanka." Mai kaya ya amsa, "Na sallama, in dai kuɗi hannu ne." Mai saye ya ce "to", ya zarce da cewa zai tura rabi yau, rabi in kaya sun sauka. Daga nan suka shiga batun direba.

Mai gaggawa zai rubuta cewa an daidaita a 90,000, buhu 200, jimilla naira miliyan 18. Lissafin daidai ne, amma ya ɓoye inda rigima take kwance. Sallamawar mai kaya tana da sharaɗi, kuma bai ce uffan ba kan biyan rabi da rabi. "To" ɗin mai saye kuwa na ji ne, ba lallai na yarda ba.

Shi ya sa ake sauraron naɗin sau biyu. A karon farko a bi farashi kaɗai, a riƙe na ƙarshe da kowane ɓangare ya furta da bakinsa, tare da mintin da ya faɗe shi. A karo na biyu a farauci duk wani "amma" da "in dai", domin nan sharuɗɗa suke fakewa: kuɗin mota, la'adar dillali, nauyin buhu, ranar lodi, da wanda zai ɗauki asara in an tarar da ƙwari a waken.

Sannan a rubuta kashi uku. Maganar mai kaya: 90,000, kuɗi hannu. Maganar mai saye: 90,000, lodi a kan mai kaya, biya kashi biyu. Abin da ya rage a buɗe: yadda za a biya, da kuɗin mota, wanda babu ma wanda ya ambata. A ganina wannan kashi na uku ya fi sauran amfani, kuma shi aka fi tsallakewa. Kada mai rubutu ya cike giɓin da abin da aka saba yi a kasuwa.

A tura wa duka biyun ta WhatsApp a ranar, kowa ya amsa a rubuce kafin a fara lodi. Tun farko kuma a sanar da abokin ciniki cewa ana naɗa, don wanda aka naɗa a ɓoye da wuya ya amince da takardar da ta fito daga ciki.