Amshi Ɗaya Ya Ishi Waƙar Reno

Jariri sabon haihuwa ba ya fahimtar ma'anar magana, amma kunnensa ya san muryar mahaifiyarsa tun yana ciki. Shi ya sa ake gina waƙar reno a kan amshi guda, gajere, wanda ke dawowa bayan kowane layi. Ga misali:

Lumshe ido, ɗan lelena,
Kaji sun shiga akurki,
Lumshe ido, ɗan lelena,
Inna na nan kusa da kai,
Lumshe ido, ɗan lelena.

Amshin gaɓa takwas ne kacal, numfashi ɗaya ya isa a rera shi. Yana ƙarewa da wasali, don haka ana iya jan ƙarshensa daidai da jijjigar goyo. Babu suna a cikinsa, domin sai rana ta 7 ake raɗa wa jariri suna, kuma uwa takan ji kunyar ambaton sunan ɗan fari.

Idan kuka ya lafa, sai a bar sauran layukan, a riƙa maimaita amshin kaɗai, murya na raguwa. Amma in jariri yana tsotsar hannu yana juya baki, yunwa ce. Nono yake nema, ba waƙa ba.