"Nawa Kake Ɗauka Yanzu?"

An gama ganawa lafiya, har an fara raha, sai mai ɗaukar aiki ya duba takarda ya ce, "To, nawa ne albashinka a inda kake?" Yawancinmu nan take muke faɗin kuɗin da ke shigowa asusu a ƙarshen wata. A nan ake yin asarar.

Mu ɗauki wani akanta a Kano misali. Abin da ke faɗo masa a banki naira 180,000 ne, shi kuwa ya faɗa. Sabon kamfanin ya ɗora kashi 20 cikin ɗari, ya rubuta masa 216,000, ya sa hannu yana murna. Ya manta cewa 180,000 ɗin ragowa ce bayan an cire haraji da fansho, ainihin albashinsa a takarda 220,000 ne. Daga wannan 216,000 za a sake zaftare haraji da kashi 8 na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa ma'aikaci. Wata na ƙarewa sai ya ga abin da ya shigo bai ma kai na da ba, ga inshorar lafiyar iyali da ya baro a tsohon wurin.

Mai tambayar ba mugunta yake yi ba, ciniki yake yi. Ya riga ya san abin da aka ware wa kujerar, yana so ne ya ji ko zai same ka da araha. Shi ya sa jihar Massachusetts ta Amurka ta yi dokar hana wannan tambaya a 2016: wanda aka taɓa danne wa albashi, da tsohon farashin ake bin sa duk inda ya je.

Abin da na fi so shi ne a mayar musu da tayin cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, nauyin wannan aiki ya bambanta da wanda nake yi. Nawa kuka tanadar wa kujerar?" In sun ƙi tayawa, ka faɗi abin da kake nema, daga kaza zuwa kaza, bayan ka bincika wajen masu irin aikin. Ka tabbata ƙaramin adadin ma za ka iya sallamawa a kansa, domin shi za su kama.

Wani wurin dai sai ka faɗa. To ka faɗi jimillar shekara kafin cire komai, ka haɗa da alawus na gida da na mota da inshora, ka kuma tambaya ko tayinsu kafin haraji ne ko bayansa.

Ƙari kam kada ka yi. Akwai masu neman takardar albashi kafin su ba da wasiƙar kama aiki, in lissafi ya saɓa kuwa janye tayin suke yi.