Bashin Gida: Yadda Za Ka Gane Nawa Ne Ya Tafi Uwar Kuɗi, Nawa Ne Ya Tafi Ruwa

A unguwannin da ke kudancin Kogin Kaduna, daga Barnawa da Narayi zuwa Kakuri, Sabon Tasha da Gonin Gora, akwai gidaje da dama da masu su ke zaune a ciki alhali ba su gama biyan kuɗinsu ba. Wani ma'aikacin gwamnati ne da ake yankar albashinsa duk wata, wani kuma ɗan kasuwa ne da ya jinginar da takardar fili ya karɓi rance a banki. Kusan dukkansu ƙorafi guda suke yi ranar da suka karɓi takardar bayanin bashin: shekara guda ana biya, amma bashin kamar ba a taɓa shi ba.

Sau da yawa ba cuta aka yi wa mutum ba, tsarin lissafin ne haka. Wani lokacin kuma akwai kuskure na gaske, wanda ba zai fito fili ba sai mai bashin ya iya karanta takardar da kansa. Abin da ake buƙata lissafi ɗaya ne tak, wanda na'urar lissafi ta wayar hannu za ta iya yi cikin minti guda.

Rancen da za mu yi misali da shi

Rancen gida da ma'aikata suka fi sani shi ne na Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa da dokar 1992, kuma Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin ɗari daga albashinsa kowane wata, idan ya cika sharuɗɗa sai ya nemi rance ta hannun ɗaya daga cikin bankunan lamunin gidaje masu rajista. Kuɗin ruwan kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, ana kuma iya biya har tsawon shekara 30, gwargwadon shekarun mai nema da sauran wa'adin aikinsa.

A ɗauka wata ma'aikaciya ta karɓi naira miliyan 10 daga wannan asusu ta sayi gida a Narayi, za ta biya cikin shekara 20, wato wata 240. Abin da zai hau kanta kowane wata shi ne naira 71,643, kuma wannan adadi ba ya sauyawa daga watan farko har na ƙarshe. Yadda ake raba shi gida biyu ne ke sauyawa.

Abin da ke rubuce a takardar

Da Turanci ake buga waɗannan takardu, don haka sai a riƙe kalmomin da ke saman ginshiƙan. Inda aka rubuta "Principal", uwar kuɗi ake nufi, wato ainihin abin da aka ranta. "Interest" shi ne kuɗin ruwa. "Outstanding Balance", ko "Balance" kawai, shi ne ragowar bashin. Wasu bankuna ba sa raba biyan a fili. Sai ka ga an shigar da kuɗin ruwa a ƙarƙashin "Debit" a matsayin abin da ya hau kanka, abin da ka biya kuma a ƙarƙashin "Credit". A irin wannan takarda, sai ka cire ruwan daga abin da ka biya, abin da ya rage shi ne ya sauka a kan uwar kuɗi.

Ya kamata kuma mai bashi ya riƙe jadawalin biya da ake bayarwa tare da takardar yarjejeniya. Jadawalin yana nuna abin da ya kamata ya faru kowane wata, takardar bayani kuwa tana nuna abin da ya faru. Idan babu jadawalin a hannu, a nema daga banki, domin shi ne ma'aunin da za a gwada komai da shi.

Lissafin da ke raba biyan

Ƙa'idar ita ce, ruwan kowane wata ana lissafa shi ne a kan ragowar bashin da aka shigo watan da shi, kuma shi ake fara cirewa daga abin da aka biya. Kashi 6 cikin ɗari a shekara, idan aka raba shi gida 12, ya zama rabin kashi ɗaya a wata, wato 0.005. Da wannan lamba za a riƙa ninka ragowar bashin.

A watan farko, ana bin ma'aikaciyar naira 10,000,000. Idan aka ninka da 0.005, ruwan ya kama naira 50,000. Cire wannan daga 71,643, saura 21,643, kuma shi kaɗai ne ya rage bashin. Ragowar ta koma 9,978,357.

A wata na biyu, ruwan zai hau kan sabuwar ragowar ne, don haka ya sauko zuwa naira 49,892, rabon uwar kuɗi ya hau zuwa 21,751. A wata na uku ruwan 49,783 ne, uwar kuɗi 21,860. A watannin farko, kowane wata ruwa na raguwa da naira ɗari da 'yan kai, uwar kuɗi na ƙaruwa da daidai wannan adadi.

A nan ne ƙorafin nan ya samo asali. A ƙarshen shekarar farko ta biya kimanin naira 859,700, amma 592,700 daga ciki ruwa ne. Bashin ya ragu da kimanin 267,000 kawai. Sai a wata na 103, cikin shekara ta tara, rabon uwar kuɗi zai zarce na ruwa. Bayan shekara 10, da rabin wa'adi ya wuce, har yanzu ana bin ta kimanin naira miliyan 6 da dubu 453. Daga nan bashin ke saurin zubewa, har a watan ƙarshe ruwan bai kai naira 400 ba. Jimillar ruwan da za ta biya a shekara 20 ya kai kusan naira miliyan 7 da dubu 200.

Ga ɗan kasuwar da ya karɓi rance a bankin kasuwanci, lissafin ɗaya ne, sai dai ya fi ciwo. A ce naira miliyan 10 ɗin ce, a kan kashi 24 cikin ɗari a shekara, a biya cikin shekara 10. Biyan wata zai kama kimanin naira 220,480, amma a watan farko 200,000 cif ruwa ne, abin da ya taɓa uwar kuɗi bai kai 20,500 ba. Duk wanda ke shirin sayar da gidan ko shagon bayan shekara biyu ko uku don ya biya bashin, to ya sani cewa kusan dukkan uwar kuɗin na nan tana jiransa.

Bambancin da ba laifi, da wanda ke buƙatar tambaya

Idan ka yi naka lissafin ka ga ya bambanta da na banki da 'yan ɗaruruwan naira, kada ka tayar da hankali. Bankuna da yawa suna lissafa ruwa ne da kwanaki, a kan kwana 365. Da wannan hanya, ruwan naira miliyan 10 a wata mai kwana 31 zai kama 50,959, a wata mai kwana 30 kuma 49,315. A ƙarshen shekara jimillar ta kusa zama ɗaya.

Abu na farko da ke buƙatar tambaya shi ne ruwan da ba ya raguwa. Idan ginshiƙin ruwa na nuna naira 50,000 a watan farko, ya sake nuna 50,000 a wata na 30, to ana lissafa shi ne a kan asalin rancen, ba a kan ragowar ba. Da irin wannan lissafi, ruwan shekara 20 zai kai naira miliyan 12 maimakon miliyan 7 da dubu 200, duk da cewa kashi 6 aka ambata a baki. A koma ga takardar yarjejeniya a ga wace hanya aka sa wa hannu. Sai dai a lura, a bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, inda banki ke sayen kadara ya sayar wa mutum da riba, tun ranar ƙulla ciniki ake yanke jimillar farashin, don haka wannan gwaji bai shafi takardunsu kai tsaye ba.

Na biyu ya fi shafar ma'aikata, shi ne ranar da kuɗi suka shiga. Yankar albashi daban, isar kuɗin banki daban. Idan an yanke a ƙarshen wata amma ba a tura ba sai bayan makonni, banki zai ɗauka an yi jinkiri, ya ɗora ruwan ƙarin kwanakin, wani lokaci har da tara. Alamar ita ce a ga wata guda babu biya a takardar, wata na gaba kuma biya biyu a haɗe. A jera takardun albashi kusa da takardar banki a gwada wata da wata. A kuma tuna cewa kashi 2.5 na asusun NHF ajiya ce, ba ta cikin biyan bashin. A takardar albashi yanka biyu ne mabambanta.

Na uku shi ne ƙananan caje-caje, kamar inshorar gobara da ta rayuwar mai bashi. Idan aka ciro su daga cikin biyan wata ba tare da an ƙara adadin biyan ba, uwar kuɗi ce ke asara, domin ita ce ta ƙarshe a layi. Sannu a hankali ragowar da ke takardar za ta fi ta jadawali, kuma ba za a farga ba sai wa'adi ya cika ana bin mutum saura.

Amfanin wannan sani ga aljihu

Tunda ruwa na bin ragowar bashi ne, duk nairar da aka rage da wuri ta fi wadda aka rage a makare daraja. Idan ma'aikaciyar nan ta sami naira 500,000 a ƙarshen shekarar farko ta zuba a kan uwar kuɗi, ruwan wata na gaba zai sauko da 2,500 nan take. Idan ta ci gaba da biyan 71,643 ɗinta, za ta gama bashin kimanin wata 20 kafin wa'adi, ta tsira da kusan naira miliyan ɗaya na ruwa.

Amma da sharaɗi. A fara duba yarjejeniya ko akwai cajin biya kafin lokaci, sannan a rubuta wa banki cewa kuɗin na rage uwar kuɗi ne, kada a ajiye su a matsayin biyan watanni masu zuwa. Bayan haka a nemi sabon jadawali, a tabbatar ragowar ta sauko da cikakken adadin.

Idan aka ga abin da bai yi daidai ba, a kai ƙorafi a rubuce ga bankin, a ambaci watan da adadin, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In ba a warware ba, Babban Bankin Najeriya na da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. A adana kowace takarda har ranar da ragowar za ta nuna sifili, domin da su ne za a karɓo takardar mallakar gidan da aka jinginar, a kuma je hukumar filaye ta jihar, KADGIS, a soke rajistar jinginar.